Awa 20 ne, daga Litinin zuwa Lahadi

Wallahi abin da wancan bawan Allah ya rubuta a guruf ɗin ɗalibanmu na Birtaniya ya ɓata min rai, wai yaran da suka iso watan Satumba su karɓi hayar asusun kai abinci a keke tunda kowa ma haka yake yi. Don Allah ku daina jefa ƙannenmu a rami.

Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai kwata-kwata. Masu kai abinci na Deliveroo da Uber Eats a matsayin masu zaman kansu suke, ba ma'aikatan kamfani ba, to ko awa ɗaya ka yi ka karya sharaɗi, balle da asusun wani. Ka nemi aikin da za a ba ka kwantiragi, ka ba su share code su duba izininka, su karɓi jadawalin zangon karatunka, ƙarshen wata ka ga takardar albashi an cire haraji ta PAYE. Kanti, sito, gidan kula da tsofaffi, laburaren makaranta, duk akwai. Wanda ya ce zai riƙa biyanka a hannu ba takarda, ka gudu.

Sannan awa. Mai digiri ko mastas awa 20 a mako lokacin karatu, kuma makon daga Litinin zuwa Lahadi ake lissafa shi. Ba a haɗa makonni a raba. Ka yi 14 wannan makon ka yi 26 na gaba ka ce ai daidai ne, a'a, na biyun ka wuce. Kuma ba kowane wurin aiki ke da nasa 20 ba. Sito ya ba ka awa 12 ranar Asabar, gidan tsofaffi ya ba ka 10 tsakanin Talata da Alhamis, 22 ke nan, kowane manaja yana ganin kana cikin ƙa'ida amma kai ka tsallake, kuma duka albashin biyu da lambarka ɗaya ta National Insurance ake shigar da su.

Za a ce haya ta yi tsada. Na sani, nima ina biya. Za a ce wane ya yi shekara ba a kama shi ba. To shi ke nan sai ka ɗora miliyoyin da Baba ya sayar da fili ya biya a kan sa'ar wane? Awa 20 ne. Ƴan mastas ku kula, watannin rubuta kundi yawancin jami'o'i ba sa ɗaukarsu hutu, ka karɓi wasiƙar makaranta kafin ka yarda da cikakken aiki.

Ku kuma ƴan uwa na gida ku tausaya mana. Mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga mai shekara 21 zuwa sama, a lokacin awa 20 bai kai fam 250 a mako ba, ga haya ga bas ga abinci. Ku daina juya shi zuwa naira kuna turo lambar asusu da asuba.