Ja yana nishi, shuɗi yana hutu

An kira ni kan wata taransifoma mai kVA 200, wai aljanu sun shige ta. Hujjarsu kuwa, da magariba fankar wasu gidaje da kyar take juyawa, maƙwabtansu kuma ƙwan fitila ke ta ƙonewa, alhali duk wuta ɗaya suke sha.

Irin wannan aljani da rana ba ya fitowa, sai lokacin da kowa ya kunna kayansa. Na jira magariba, na maƙala kilam mita, na'urar auna amfiya, a kowace waya cikin fes ukun taransifomar. Jan fes amfiya 260, rawaya 120, shuɗi 70. A kan bolt 415 iyakar abin da taransifomar ke ɗauka amfiya 278 ne a kowane fes, wato ja ya kusa kaiwa maƙura, shuɗi kuwa kamar yaron da aka aika da kwano ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk mai jan wuta gida, wayar da tsaninsa ya fara kaiwa yake ɗaurawa.

Sai na auna nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, na ga amfiya 170. Da lodin ukun daidai yake, da sun soke juna, nutural ta zauna kusan babu komai. Idan kayan da ke kan fes ukun iri ɗaya ne, ga lissafin wutar nutural, In, inda a, b da c su ne amfiyar kowane fes:

`In = √(a² + b² + c² − ab − bc − ca)`

Saka 260, 120 da 70, za ka samu wajen 170. Wannan wuta mai yawa tana bin nutural, sai bolt ya zube a kanta, ta daina zama sifili a ƙarshen layi. Can na samu ja a bolt 195, shuɗi a 248. Haɗin nutural ɗin har ya yi baƙi don zafi, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, domin in ya tsinke, gidajen da ke kan fes mara lodi za su iya ganin abin da ya doshi bolt 415.

Washegari muka kashe wuta, muka tabbatar layi ya mutu, muka sake haɗin nutural, sannan muka kwashe gidajen da lodinsu ya kai kimanin amfiya 100 daga ja, 30 zuwa rawaya, 70 zuwa shuɗi. Da lodi ake rabon, ba da ƙidayar gidaje ba, don gida ɗaya mai hita ya fi biyar masu fitila. Da magariba mita ta nuna 160, 150, 140, nutural ta sauko 17.

Ina naɗe kaya sai ga wani dattijo daga layin shuɗi, ransa a ɓace: "Malam, da fitilata ta fi ta kowa haske. Wa ka sayar wa wutata?" Na fara zana masa lissafin a ƙasa, ya ce in bar zane, in hau falwaya in dawo masa da abarsa.