Masu sana'a a waya, ku raba barka da sallah da tallan kaya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa masu neman na kai a waya, musamman teloli da masu atamfa da masu turaren wuta da masu cincin da dambun nama. Maganata yau a kan irin rubutun da muke saka wa a sitatus ne idan sallah ta zo, don abin ya fara wuce gona da iri.

Ranar idi da safe mutum ya dawo daga masallaci ko ruwa bai sha ba, ya buɗe WhatsApp don ya amsa gaisuwar dangi, sai ya ci karo da wannan: "Barka da sallah kwastomominmu!!! Sabbin leshi sun sauka, yadi biyar kaza, a yi sauri kafin su ƙare, ga lambar akawun." Dan Allah ina gaisuwar a nan? Kalma uku ce kawai aka jefa a gaba don a samu hanyar shigo da leshi, kuma wanda ya karanta ya gane, ai ba yaro ba ne. Ba zai ce maka komai ba, shiru zai yi ya danne sitatus ɗinka ya daina gani, kai kuma kana can kana mamakin me ya sa masu kallo suka ragu.

Hanyar da za ka gwada rubutunka mai sauƙi ce. Ka rufe sunan shagonka da yatsa ka karanta abin da ya rage. In abin da ya rage zai iya tafiya wajen kawunka ko surukarka a matsayin gaisuwa ba tare da ka ji kunya ba, to ka rubuta gaisuwa. In kuwa ka rufe sunan sai ka ga saura farashi da "a yi sauri", to talla ka rubuta, ka ajiye shi sai ranarsa. A gaisuwar sallah rabon sana'arka layi ɗaya ne a ƙasa, sunanka da abin da kake yi, in ya yi yawa ka ƙara ranar da za ka buɗe. Wannan layin ya isa, don wanda ya ji daɗin addu'ar da ka yi masa zai ga daga wa ta fito.

Bari mu ɗauki tela mace mai ɗinkin mata a Kano, mu bi ta daga farkon azumi har bayan sallah, don a nan ne ake gane cewa kowace rana da abin da ya dace da ita.

Daren da aka ga watan Ramadan, abin da ya kamata ta saka shi ne: "Allah Ya nuna mana watan Ramadan lafiya. Allah Ya ba mu ikon azumtarsa, Ya karɓi ibadunmu, Ya jiƙan waɗanda muka yi na bara da su bana babu su. Daga mu masu ɗinki, muna yi muku barka da shigowar wata." Shi ke nan, ba hoton doguwar riga, ba farashi. Bayan kwana biyu ko uku sai ta fito da sanarwa daban, wadda kowa ya san sanarwa ce: "Hajiyoyi da 'yan mata, masu ɗinkin sallah a kawo da wuri, za mu rufe karɓa ranar 15 ga azumi in sha Allahu, don kowa ya samu nasa a kan lokaci." Kun ga wannan talla ne tsagwaronsa kuma ba wanda zai ji haushi, hasali ma taimako ne, saboda kowa ya san wahalar tela a goman ƙarshe. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka cusa wannan a cikin waccan, a fara da Allah Ya karɓi ibada a ƙare da a kawo adibas.

Goman ƙarshe kuma ta rage surutu. Mutane suna tahajjud, wasu suna i'itikafi, ba lokacin da za a dinga turo musu hoton sitayil ƙarfe biyun dare ba ne wai don an san idonsu biyu. In za ta yi magana ta yi da masu kaya a hannunta, ɗaya bayan ɗaya: "Hajiya barka da shan ruwa, kayanki sun kammala, a turo a karɓa."

To ga inda yawancin teloli suke faɗuwa. Daren sallah ta saka fulaya mai kyalli tana yi wa "dukkan kwastomominmu masu albarka" barka da sallah, alhali akwai mata uku da atamfarsu take ninke a kan keke ko yankawa ba a yi ba. Kin san me matar nan take ji idan ta ga wannan fulayar? Ta kira ki sau nawa ba ki ɗaga ba, amma kina da lokacin zaɓen kalar rubutu. 'Yar uwa, kafin ki saka gaisuwar jama'a ki fara kiran waɗannan ukun ki ba su haƙuri da bakinki, ki faɗa musu ranar gaskiya da za su samu, ko ki mayar musu da kayansu su san inda dare ya yi musu. Haka mai turare da bai tura odar mutane ba, haka mai cincin da ta karɓi kuɗi ba ta soya ba. Gaisuwa a kan haƙƙin mutum ba ta shiga, tsokana ce.

Kuma kar a yi gaggawa. Ƙaramar sallah 1 ga Shawwal ce, watan kuma ko ya yi 29 ko ya cika 30, a Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi ake jira. Duk shekara sai ka ga wani ya saki "Barka da sallah" tun magaribar 29 don kar a riga shi, can kuma a ce ba a ga wata ba gobe akwai azumi, ya koma yana gogewa bayan mutane sun riga sun gani. In kana da kwastomomi a Maraɗi ko Damagaram ka tuna akan samu shekarar da Nijar take riga mu da kwana ɗaya, to su ka gaishe su a ranarsu ta saƙo, ka bar sitatus sai taku ta tabbata. Ka shirya rubutun ka ajiye shi, kar ka rubuta sunan rana a jikin hoton sai an sanar.

Ranar sallar kanta, ga irin abin da ya wadatar: "Taƙabbalallahu minna wa minkum. Barkanmu da sallah, Allah Ya maimaita mana. Mun gode wa duk wadda ta amince ta ba mu ɗinkinta bana, wadda muka saɓa wa kuma ta yafe mana. Shago zai buɗe bayan hawan Nasarawa in sha Allahu." Ku duba da kyau, tallan yana ciki fa. An san ɗinki take yi, an san mutane sun ba ta aiki, an san ranar dawowarta, amma ba inda ta ce a kawo kuɗi. Kuma ambaton hawan Nasarawa ya sa Bakano ya ji da shi ake, ba irin rubutun da ake kwafowa daga intanet ba wanda shaguna goma za su saka iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya. In a Zariya kike ko Katsina ko Sakkwato sai ki faɗi abin da mutanen garinki suke lissafi da shi.

Bayan sallah da kamar kwana huɗu ko biyar, nan ne kasuwa take dawowa, don kowa ya san bukukuwan da aka ɗaga saboda azumi a Shawwal suke sauka. Sai ta ce: "An yi sallah lafiya? Ya gajiyar ziyara? Masu sitta Shawwal Allah Ya ba da lada. Mun buɗe, masu anko da kayan lefe ƙofa a buɗe take." A nan ko hoto goma ta jera ba laifi.

Wani abu da nake so mu ji tsoron Allah a kansa shi ne haɗa aya ko hadisi da farashi a hoto ɗaya. Za ka ga an rubuta ayar azumi a sama da Larabci, a ƙasa hoton takalmi da ragin kuɗi. In kuma bugawa aka yi a takarda aka raba, gobe a ƙasa za ka tsince ta ana takawa, ko mai ƙosai ta naɗe ƙosai da ita. In za ka saka aya ka saka ta ita kaɗai, ka tabbatar da rubutunta daidai ne. Haka rantsuwa, "wallahi babu irinsa a kasuwa", a cikin gaisuwar idi. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka. Sannan kar ka mai da ibada dalilin saye, irin su "sayi turarenmu don ibadarka ta cika". Wa ya faɗa maka?

Hoton kwastoma kuma, ko ta turo miki da kanta sanye da ɗinkinki tana godiya, ba izinin sakawa ta ba ki ba. Ki tambaya tukuna, da yawa matan aure ne, in ta ce a'a ki ɗauki rigar a jikin hanga.

Sai maganar turawa kai tsaye. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, wanda ya ga dama ya kalla, don haka nauyinsa kaɗan ne. Saƙon inbos kuwa shiga ɗakin mutum ne, dole a yi sallama. Jerin broadcast na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka kuma sai wanda ya ajiye lambarka yake samu, amma ko ya isa, dattijuwar da ta shekara tana ɗinki a wajenki ba ta cancanci saƙon da aka watsa wa kowa ba. Ki ware manyan kwastomominki ko ashirin ne, ki rubuta wa kowacce nata: "Hajiya barka da sallah, an yi sallah lafiya? Ya su Alhaji da yara? Allah Ya maimaita mana." Kar ki ambaci ɗinki ko kaɗan, ta san ke wace ce. Kuma kar a jefa mutane a guruf ba izini wai guruf ɗin barka da sallah, washegari a cika musu waya da hotunan kaya.

Babbar sallah, 10 ga Zulhajji, tsarin ɗaya ne sai dai addu'ar ta canza, a yi wa alhazai fatan dawowa lafiya, a ce Allah Ya karɓi layya, a kuma tuna ba kowa ne ya samu ikon yankawa ba, kar a cika sitatus da "ina naman?" har wanda bai yi ba ya ji wani iri. Masu kwastomomi Kirista a Kaduna ko Jos ko Sabon Gari, in za ka gaishe su ranar 25 ga Disamba ka gaishe su kai tsaye da fatan a yi biki lafiya, ba sai ka liƙa musu ragin ƙarshen shekara a jiki ba, shi ma ka jira kwana biyu ka fitar da shi daban. In kuma an yi rashi ko wani iftila'i a garinku ana cikin sallar, gobarar kasuwa ko hatsari, cire fulaya mai balan-balan ɗin nan, ka rubuta jaje da addu'a a fili, a ranar ko sunan shagon ma kar ka saka.