Ƙannena, ku sake zana hoton da hannunku kafin ku taɓa kalkuleta

Daren jiya wani ƙanena da ke shirin WAEC a nan Gombe ya turo min hoton tambayar fizis: akwati mai kilo 10 a kan gangara mai kusurwa 30°, ma'aunin gogayya μ = 0.7, g = 10 m/s². Ya yi lissafi ya samu wai akwatin zai hau sama da kansa. Abin ya dame ni, don yaron yana da ƙoƙari, gaggawa ce kawai ta ci shi.

Don Allah ku daina lissafi daga fuskar waya. Ku ɗauki biro ku sake zana akwatin shi kaɗai, da kibiyoyinsa uku: nauyi yana kallon ƙasa sak, turin da gangarar ke yi masa yana fita tsaye daga fuskarta, gogayya kuma tana kwance a jikin gangarar tana adawa da zamewa. Ku kuma duba ko kusurwar daga ƙasa aka auna ta, domin hoto yakan yanke gefen da ke nuna hakan.

Nauyin 100 N ne. Rabon da ke jan akwatin ya gangaro shi ne 100 sin 30° = 50 N. Wanda ke danne shi a jikin gangarar kuwa 100 cos 30° = 86.6 N, kuma shi ne R, wato turin da gangarar ke yi wa akwatin, ba 100 ba. In kun rikice tsakanin sin da cos, ku ƙaddara gangarar ta kwanta shimfiɗe: babu abin da zai ja akwatin, kuma sin 0° sifili ne.

Ga inda ƙanen nawa ya faɗi. Ya buga μR ya samu 60.6 N, ya cire daga 50, amsa ta fito da alamar ragi, ya karɓa. To μR iyakar ƙarfin gogayya ne, ba dole ta kai can ba. Ku je Tudun Hatsi ku ga buhun masara a kan katakon lodi da aka jingina da mota: yana zaune abinsa, katakon yana riƙe shi daidai gwargwadon yadda nauyinsa ke jan sa, ba ƙari. Haka akwatin nan yake. Ana jan sa da 50 N, gogayya na iya riƙe har 60.6 N, saboda haka bai motsa ba, kuma gogayyar 50 N ce cif.

Da μ = 0.2 aka bayar, iyakar gogayya 17.3 N ce, akwatin ya zame, saura 32.7 N, sai a = 3.27 m/s².

Shi ya sa nake roƙonku, kafin komai ku gwada μ da tan θ, inda θ ita ce kusurwar gangarar. A nan tan 30° = 0.577, kuma 0.7 ya fi shi, don haka akwatin ba zai zame ba. Na sa ƙanen nawa ya sake zanen, ya turo min kafin sallar asuba da 50 N a jikin kibiyar gogayya.