"Innalillahi" ba kan labari ba ne

Ranar Talata da ƙarfe 8 na safe na iske Inna zaune a ƙasa bakin murhu, kunu na tafasa yana zuba a wuta ba ta ko dube shi ba, waya na hannunta tana rawa. Wata maƙwabciya ce ta turo mata labari ta WhatsApp, ƙanwata ta karanta mata. Ga abin da aka rubuta a kai: "Innalillahi! Mummunan haɗari a hanyar Tawa, abin da ya faru zai sa ka zubar da hawaye." A ƙasa kuma hoton bas a kife.

Ƙanena ya hau bas ɗin Yamai bayan sallar asuba a ranar. Muka kira lambarsa, a kashe. Inna mai hawan jini ce, sai cewa take: "Ɗan nan, faɗa mini gaskiya, kada ka ɓoye mini." Ni kuma ban da gaskiyar da zan faɗa mata, don megata ta ƙare tun dare. Sai da na fita da gudu na sayi forfe na dala 100, na jira rezo, na ture tallace-tallace guda uku da suka rufe shafin, sannan na kai ga labarin. Layi huɗu ne kacal. Babbar mota ce ɗauke da albasa ta kife kusa da Badagishiri, direba da yaron mota sun ji rauni, an kai su likita, ba wanda ya rasu. Ba bas a ciki. Hoton ma na wata ƙasa ne, lambar motar ba irin tamu ba ce. Ƙanena bai kira ba sai da suka isa Dogon Dutsi ya samu caji, kuma har lokacin Inna ba ta sa ko ruwa a bakinta ba.

Na yi shekara 9 ina rubuta labarai a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Tawa, saboda haka na san yadda ake wannan aiki, kuma na san abin da aka yi mana ba kuskure ba ne. Wanda ya rubuta kan labarin ya san wace mota ce, ya san wurin, ya san ba a mutu ba. Da gangan ya cire ukun nan, don ya san idan ya faɗe su, mai ɗa a cikin bas hankalinsa zai kwanta ya wuce, shi kuwa so yake a latsa. Tsoron uwata ya mayar jari, wannan shi ne ya ƙona mini rai.

Ku dubi "hanyar Tawa" kawai. Wacce? Ta Abalak zuwa Agadas, ko ta Keita, ko ta Tsarnawa da ke kai mutum Ƙwanni da Yamai? A Adar da wuya ka sami gidan da ba shi da matafiyi, wani ya nufi Abijan, wani Libiya, wani cin kasuwa. Duk wanda ya rubuta "hanyar Tawa" ya ƙi faɗin wuri, gidajen nan duka ya tayar wa hankali lokaci guda.

Da rana na sami lambar yaron da ke riƙe da shafin, na kira shi. Ya ce: "Yaya, ka yi haƙuri, kan labari gajere ake so, ba wurin zuba bayani." Wannan magana ba ta da tushe, kuma ƙirge ya isa ya nuna. Nasa kalma 16 ne. Ga wanda ya kamata ya rubuta: "Motar albasa ta kife kusa da Badagishiri, mutum 2 sun ji rauni." Kalma 12. Ya fi nasa gajarta, kuma ya faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da iyakar ɓarnar. Da Inna ta ji "motar albasa" kaɗai, da ta yi wa direba addu'a ta ci gaba da dama kununta.

Yadda aka koya mana, kafin ka rubuta kai sai ka faɗi labarin da baki cikin jimla ɗaya, kamar wanda ya shigo gida aka tambaye shi me ya faru a tasha. Wa, ya yi me, a ina. Daga nan ka sa abin da ya fi nauyi a farko, domin allon waya yana yanke wutsiyar kai, Google ma yakan datse shi idan ya zarce harafi 60 ko kusa da haka. Sannan ka fara aske abin da ba ya ɗauke da labari. "Mummunan" ya fita, adadin mutanen ne zai nuna munin. "Da ɗumi-ɗumi" ya fita. "Zai sa ka zubar da hawaye" ya fita, ba aikinka ba ne ka yanke wa mutum abin da zuciyarsa za ta ji.

Amma askin yana da iyaka, kuma nan ne ma masu niyyar kirki ke tuntuɓe. Za ka iya mayar da "kusa da Badagishiri" ya koma "a Badagishiri" ka rage kalma ɗaya, sai dai ka sauya wurin, mutanen garin za su ɗauka cikin kasuwarsu motar ta faɗi. Haka idan jandarmomi ko likita ba su tabbatar da adadin ba tukuna, daga bakin wani mai wucewa ka ji, to "in ji shaidu" ba ya fita ko da kai ya yi tsawo. Kuma kada ka fake da alamar tambaya ka rubuta "Shin an rasa rayuka?" alhali amsar tana hannunka, ka san a'a ce.

Yaron ya ce mini: "To Yaya, in na faɗi komai a sama, wa zai shiga?" Na ce masa mai buƙata zai shiga, kuma suna da yawa. Nemo abin da ya shafi mutane a cikin labarin ka ɗora shi a gaba. Idan motar ta tare hanya, rubuta: "Motar albasa ta kife, ta toshe hanyar Tawa zuwa Tsarnawa." Duk direba, duk ɗan kasuwar albasa, duk mai jiran baƙo zai buɗe ya ga ko an janye ta, ƙarfe nawa, ta ina ake ratsewa. Wannan jan hankali ne na halal, domin abin da ka yi alkawari a sama yana nan a ƙasa. Idan kuwa ba ta tare hanya ba, ba ka da ikon rubuta hakan don ya fi daɗin ji.

Gwajin ma ba wuya. A ɗakin labarai mukan karanta wa mai gadi ko mai shayi kan kaɗai, mu ce ya faɗa mana me ya faru. Idan abin da ya fahimta ya fi abin da ke cikin labarin girma, mu sake rubutawa. Dole a yi haka a garin da mutane da yawa kai da hoto kaɗai suke gani, megarsu ba ta isa buɗe shafi ba, wasu kuma karanta musu ake yi, su ɗauka su maimaita a saƙon murya. Kafin azahar ranar nan, a unguwarmu har an fara cewa bas ta ƙone da mutane.

Na roƙi yaron ya gyara kan, ya cire hoton, ya rubuta a fili cewa ba bas ba ce kuma ba wanda ya rasu. Ya ce in sha Allah. Na duba da la'asar, na sake dubawa bayan isha'i. Yau kwana huɗu ke nan, bas ɗin tana nan a kife a saman shafinsa, Inna kuma ta ce ƙanena ba zai sake hawa motar Yamai ba sai ta ga cajin wayarsa da idonta.