Tumbin Kawu ya rufe min akawun

Ina da ɗan shago kusa da Terminus a nan Jos, ina sayar da zuma da wani haɗin shayi na citta, kanumfari da zogale. A watan Disambar da ya wuce, sanyi ya kori mutane daga hanya, ciniki ya yi tsit, sai na ce bari ni ma in biya kuɗi a tallata min shayi a Facebook. Na ware naira 3,000 a kullum, na zauna na tsara talla da na ɗauka ko kamfanin lemo ba zai yi kamarta ba.

A sama na rubuta: "Kana da tumbi? Kaftani ya daina shigarka? Sha shayinmu, ka sace cikin kwana 7!" Na sa fassarar Turanci a ƙasa saboda kwastomomin Rayfield. Saura hoto. Nan na tuna da Kawuna, wanda Allah ya yi wa baiwar ciki. Na same shi bayan ya gama da malmalar tuwo biyu na ɗauke shi ta gefe. Washegari da sassafe na sake ɗaukarsa, na ce ya ja numfashi ya riƙe. Na jera hotunan biyu, ɗaya "kafin", ɗaya "bayan". Kawu ko kurɓar shayin bai taɓa yi ba, cewa yake yaji ya yi yawa.

Yawanci cikin awa 24 suke gama duba talla. Tawa ko la'asar ba ta kai ba ta dawo da jan rubutu: `Rejected`. A gefensa akwai wurin da za ka taɓa ka ga dalili. Ban taɓa ba. Ni a ganina hassada ce.

Abokina mai gyaran waya ya ce ai na'ura ce ke dubawa, kuma na'ura ba ta da wayo, in sa ɗigo tsakanin haruffa kawai. Na kwafi tallar na mayar da tumbi t.u.m.b.i, haka ma na Turancin, na tura. Aka dawo da ita. Na lulluɓe cibiyar Kawu da hoton fure, na tura. Aka dawo da ita. Kafin sallar isha'i na tura sau biyar. Da asuba na buɗe waya na tarar an daina maganar talla ɗaya, akawun ɗin gaba ɗaya aka hana shi talla. Garin neman ƙiba na samo rama, ni mai sayar da maganin rama.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na lallaɓa na karɓi wayar maman yara, na buɗe sabon akawun na talla da sunanta, na sa katin bankina, na ɗora tumbin Kawu. Kwana ɗaya ya yi, shi ma aka rufe. Ta dube ni ta ce, "Malam, turaren wutar da nake shirin fara tallatawa fa?" Na ce mata sha'anin netwok ne.

Ƙanwarta ce ta cece ni, wadda ke kula wa wani shagon atamfa da tallarsu. Ta karɓi wayar ta shiga `Business Support Home`, shafin da ake jera duk tallar da aka ƙi da dokar da ta taka. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ka taɓa buɗe nan kuwa?" Na ce ban samu lokaci ba.

Ashe laifin farko wai shi `Personal attributes`. Ba a yarda talla ta nuna kamar ta san wani abu game da jikin mai karatu ko lafiyarsa ko addininsa ko aljihunsa ba. "Kana da tumbi?" nuna mutum da yatsa ne. Kana iya cewa ga shayi, ga abin da ke cikinsa, amma ba ka da ikon cewa kai mai karatu ga abin da ke damunka. Na ce ai tambaya na yi, ban tabbatar ba. Ta ce tambayar ma haka suke lissafa ta. Ga kuma hoton "kafin" da "bayan" na rage ƙiba, ga alkawarin kwana 7 da babu mai iya cika shi. Ta ƙara da cewa ko su sun ƙyale ni, wanda ya ce kayansa na magani sai ya shirya amsa tambayar NAFDAC.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ta ce duk wannan ƙaramin abu ne. Tallar da aka ƙi, gyara ta ake yi a sake turawa, ko a nemi su sake dubawa in kana ganin kuskure suka yi. Abin da ya rufe akawun shi ne ɗige-ɗigen nan da furen cibiya da turawa sau biyar, wanda suke kira `Circumventing systems`, wato ƙoƙarin zagaye masu duba. Buɗe sabon akawun da kati ɗaya da hoto ɗaya kuwa, kamar ɓarawo ne ya canza hula ya dawo da takalmin jiya.

Na ce to mu rubuta musu takarda mai zafi. Har na fara jero cewa ni mai iyali ne, ga kuɗin makaranta, ga tsadar fetur. Ta goge. Ta ce kafin a roƙa sai an share gida. Muka kashe tallolin nan duka biyar. Muka duba ko akwai bashin talla da kati bai biya ba, babu. Muka kunna tsaron nan na lambar da ake turo wa waya. Sai aka nemi katin shaida, nan kuma wani sabon rikici ya ɓullo, domin sunan da ke kan shafina "Sarkin Zuma Na Jos" ne, kuma gwamnati ba ta san wannan sarautar ba. Dole na yi murabus na mayar da sunan da ke kan katina.

Sannan ta danna `Request review`, ta rubuta layi huɗu kacal: na gane dokar da tallata ta saɓa, na cire tallolin, ban fahimci cewa sake turawa laifi ne ba, ina roƙon a sake duba akawun ɗin. Ta ce kada in sake tura wani roƙo a kan wannan, kada kuma in shiga daga wayar kowa. Kwana shida ina leƙa shafin kamar mai jiran sakamakon JAMB. Ran na bakwai aka buɗe min. Na maman yara dai an duba an ce yana nan a rufe, shi ya sa yanzu tallar turarenta a akawun ɗina take, kuma daga aljihuna.

Sabuwar tallata hoton kofi ne yana tururi, da rubutu: "Shayin citta, kanumfari da zogale, haɗin Jos, don sanyin safiya." Ta wuce kafin azahar. Yanzu kafin in tura kowace talla sai na bi ta layi-layi ina farautar "kana" da "kina", kuma ko farashi zan canza sai na yi tunani, tunda duk gyaran rubutu ko hoto yana mayar da ita layin dubawa.

Shekaranjiya Kawu ya biyo ta shago. Ya ce, "Kai yaro, ina hoton nawa? An ce har Abuja za a gan ni." Na ce masa masu kamfanin sun duba sun ce ya fi ƙarfin talla. Ya shafa cikinsa ya ce dama ya sani, sannan ya ɗauki kwalbar zuma ɗaya a matsayin kuɗin aikinsa.