Takardar kuɗin taransifoma

Kun dai san zancen taransifomar unguwarmu, ba wuta, ana tara kuɗi don a dawo da ita, ba sai na maimaita ba. Ni ne sakatare, na rubuta sanarwa layi uku: kowane gida Naira 5,000, a kai wa Ma'aji kafin La'asar ta Juma'a, wanda bai biya ba za a sauke wayarsa daga falwaya. Mai Unguwa ya karanta, ya ce wannan ai sammaci ne, in je in sa mata gishiri amma kada in taɓa ko sisi.

To, na zauna. Na fara jan layi ƙarƙashin abin da ba ya motsi: kuɗin, ranar, wanda za a bai wa, da hukuncin. Sauran kuwa na sake su son raina. Na buɗe da sallama, “kowane gida” ya koma “iyayenmu da yayyenmu”, na tambayi iyali, har na yi jajen ruwan sanyin da aka rasa a wannan zafi. Dubu biyar na nan daram, Juma'a na nan, Ma'aji na nan. Hukuncin ne ya yi mini kaushi a baki, sai na ce: “Ba za mu so a ce an sauke wayar kowa ba.”

Juma'a ta zo, Ma'aji na zaune da littafi yana korar ƙuda.

Da dare a majalisa mai shayi ya zaro takardar daga aljihu, duk ta sha man ƙwai. Mutumin da har yau bai biya kuɗin kwalbatin bara ba, kullum sai ya ce ciniki ya ja baya, alhali burodinsa ba ya kwana! Shi ne ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya ƙanƙance murya: “Iyayeeenmu da yayyenmu...” Sai ya tsaya ya share hawayen ƙarya da tsumman tebur. Ya sake maimaitawa. Wani daga baya ya ce, “Sakatare, nawa ne sadakin?” Har Liman ya juya baya kafaɗarsa na rawa.

Na ce a duba, ko lamba ɗaya ban canja ba. Mai shayi ya ce gaskiya ne, amma ka ce ba ku so a sauke wayar kowa, mu ma ba mu so, ashe bakinmu ɗaya, to me za mu biya? Takarda ta farko ta ce za a yi, ta biyu ta faɗi abin da ransu ke so, shi kuwa talaka ta biyu ya gani.

Washegari na mayar da “za a sauke” wurinta, tsakanin sallama da addu'a, na bar “iyayenmu” yadda take. Kuɗi sun fara shigowa. Mai shayi ya kawo dubu biyu, wai sauran in cire a kuɗin shayin da yake bi na.