Tankin da 'yan Leeds ba su taɓa gani ba

Makarantar 'yata a nan Leeds, a Ingila, ta shirya yammacin kimiyya, iyaye suka zo kallo. Ɗakin ɗumi kamar ba hunturu ake a waje ba, yara 'yan shekara 14 sanye da kwat da nakatayi, ga shayi da biskit a gefe, ga agogo a allo yana ƙirga daƙiƙa 60. Ƙa'idar ita ce kowa ya bayyana abu ɗaya da misali ɗaya kafin lokaci ya cika. Malamar ta fara da lantarki, ta ce kamar ruwa ne da ke saukowa daga tanki. Yaran suka yi zuru. Yawancinsu ba su taɓa ganin tankin ruwa a kan ƙarfe ba, famfonsu kuma bai taɓa yin tsiyaya ba.

Da aka tashi, wani uba ya ce min cikin fara'a, ai ya ji a ƙasashenmu hadda kawai ake yi. Na yi murmushi, amma maganar ta tsaya min a wuya.

To ga yadda zan bayyana wa yaron Samaru ta Zariya lantarki, kuma minti ɗaya ya isa: "Ka san tankin bohal na unguwarku? Tsayinsa shi ne boltej, wato ƙarfin turi. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututu shi ne karan. Bututu siriri mai tsawo yana cinye turin a hanya. Shi ya sa in kowa ya buɗe famfo da safe, gidan ƙarshen layi sai tsiyaya. Haka in magariba ta yi kowa ya kunna kaya, gidan da ya fi nisa da taransifoma ƙwansa ke yin ja."

Ba sai an ƙara komai ba, don yaron ya riga ya san rabin zancen da idonsa. Ya sha ganin an kawo wuta rabi, fanka tana juyi da ƙyar, istabilaiza tana ƙas-ƙas. Abin da ya rasa shi ne dalili.

In an samu minti na biyu sai a kawo lissafi. Wutar gida a Najeriya da Birtaniya duk bolt 230 ce a ƙa'ida. Dutsen guga mai wat 1000 yana jan karan amfiya huɗu da ɗoriya. A ce wayar da aka jawo zuwa ɗakin baya siririya ce, tirjiyarta, wato yadda take tauye wa karan hanya, om 5 ce. Huɗu sau biyar, bolt 20 ke nan suka salwanta a hanya, sun zama zafi a jikin wayar. Ƙwan ɗakin zai dushe da zarar an jona dutsen, in ka taɓa wayar kuma za ka ji ɗumi. Wannan shi ne V = IR ɗin da muka rera a aji kamar karatun allo, wato boltej daidai yake da karan sau tirjiya.

Sai dai misalin yana da inda yake ƙarewa, kuma dole a faɗa wa yaro a jimla ɗaya. Ka yanke bututu, ruwa zai malale. Ka yanke waya, karan tsayawa yake cak, sai da hanyar komawa yake tafiya. Kuma ƙwan ba ya shanye karan ɗin, abin da ya shiga shi ke fita ta ɗaya wayar, kuzari ne ake kashewa. Hanyar gane ko yaro ya fahimta ba ita ce ya maimaita maka ba. Tambaye shi: in aka sauya wayar da mai kauri, me zai faru da ƙwan? In ya ce zai ƙara haske don turin ba zai ɓace a hanya ba, ya kama. In ya ce ai wuta za ta ƙare da wuri, har yanzu tanki yake gani.

Ban hana 'yan Leeds nasu ba, suna da kayan gwaji, kowane yaro da batir da mitarsa a tebur, kuma sun iya tsare lokaci. Mu ma akwai hadda, ba na musu. Amma laifin ba na kan yaranmu ba ne. Malami ne yake jin in ya sauka daga Turancin littafi ya ambaci bohal da Hausa, ajinsa ya zube, a Zariya, garin da yake da jami'a tun 1962. Mai gyaran wayarin a Sabon Gari kuwa haka yake koya wa yaran shagonsa kullum, a tsaye, hannu ɗaya riƙe da filaya.

Abin da ya fi damuna ma a gidana yake. Yarinyar nan tana cin jarrabawar lantarki, amma da na ce mata "wuta rabi" sai ta tambaye ni rabin me. In Allah ya kai mu hutun bazara Tudun Wada za ta yi shi wajen kakarta, gidan da ke can ƙarshen layi.